Wasiƙar sulhu mai kanun "Without Prejudice": abin da take karewa da abin da ba ta karewa

Idan rigimar kuɗi ko ta fili ta kai hannun lauyoyi, akwai wata irin wasiƙa da kan iso ba da jimawa ba. A can samanta, kafin ma gaisuwa, an buga kalmomi biyu na Turanci da manyan baƙaƙe: WITHOUT PREJUDICE. A ƙasa kuma sai ka ga lauyan ɗaya ɓangaren ya sassauto, yana cewa wanda yake wakilta zai karɓi ƙasa da abin da ya nema, ko zai biya wani abu daga kuɗin da jiya ya rantse ba a bin sa. Mutane kan yi wa wannan takarda ɗayan fahimta biyu. Wani ya adana ta da murna, yana cewa ai ga shi sun amsa da bakinsu, ranar zaman kotu zan miƙa wa alƙali. Wani kuma ya ɗauke ta takardar banza, tunda ya ji an ce ba ta ɗaure kowa, sai ya amsa ta yadda ya ga dama. Dukansu biyu suna kan hanyar asara.

Abin da mai wasiƙar yake faɗa da waɗannan kalmomi shi ne: ina yi maka wannan tayi ne domin mu sasanta, amma idan ba mu daidaita ba, maganata ta farko tana nan daram, kuma ba za ka ɗauki abin da na faɗa a nan ka kai kotu ka kafa mini hujja da shi ba. Tun a 1889 wani alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila mai suna Lindley ya fayyace haka a shari'ar Walker da Wilsher. Ya kuma ƙara da rabin maganar da mutane suka fi mantawa: idan aka karɓi tayin, to yarjejeniya ta ƙullu, kuma tana ɗaure mai wasiƙar. Duk wanda ya saba cinikin kasuwa ya san wannan. Mai kaya ya sa suna, ka taya, ya ce albarka, ya rage maka wani abu, ka ƙi ka yi tafiyarka. Idan ka dawo gobe ba ka da ikon tilasta masa ragin jiya. Amma da a jiyan ya ce ya sallama, ka amsa, ciniki ya faɗa.

Dalilin da ya sa kotuna suka ba irin wannan wasiƙa kariya a fili yake. Ba a yin sulhu sai kowa ya sauko daga inda yake, kuma saukowa kan zo da faɗin gaskiyar da ba ta yi wa mai faɗarta daɗi. Idan mutum ya san duk kalmar da ya furta a zaman sasantawa za a karanta ta gaban alƙali, zai kame bakinsa, kowa ya tsaya kan bakansa, shari'ar da za a kashe cikin mako biyu ta ci shekaru. Saboda haka doka ta ware wani fage da masu jayayya za su yi magana ba tsoro. Najeriya ta gaji wannan ƙa'ida daga dokar Ingila, kamar yadda Gana da sauran ƙasashen da Birtaniya ta mulka suka gada, sannan ta rubuta ta a Dokar Shaida ta 2011. Sashe na 196 ya ce bayanin da ke cikin takardar da aka yi wa wannan kanu, wadda aka rubuta a yayin neman sasanta rigima a wajen kotu, ba za a gabatar da shi a shari'ar neman haƙƙi don tabbatar da abin da ke cikinsa ba. Sashe na 26 kuma ya fi faɗi: iƙirarin da mutum ya yi bisa sharaɗin ba za a kai shi shaida ba, ko a yanayin da kotu za ta fahimci ɓangarorin sun yarda da haka, ba ya shiga shari'ar neman haƙƙi.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce wani ɗan kasuwar hatsi ya kai wa kamfanin abincin kaji buhu 200 na masara, kowane buhu naira dubu 50, jimilla naira miliyan 10. Kamfanin ya ƙi biya, ya ce buhu 60 ƙwari sun cinye su, don haka miliyan 7 kawai zai bayar. Ɗan kasuwar ya ce lafiya lau ya sauke kayansa, a rumbun kamfanin suka lalace. Ga rigima ta gaske, kowa da maganarsa.

Lauyan da ya san aikinsa zai rubuta wasiƙu biyu a rana ɗaya. Ta farko buɗaɗɗiya ce, ba ta da wani kanu, tana neman miliyan 10 cif, tana ambaton ranar da aka sauke kaya da sa hannun ma'ajin kamfanin a takardar karɓa. Wannan ita ce za a nuna wa alƙali. Ta biyu ita ke ɗauke da kalmomin nan biyu, kuma a cikinta lauyan zai iya cewa: mun san akwai 'yan buhunan da ba su gama bushewa ba, don a huta da kotu za mu karɓi miliyan 8 da rabi idan aka biya cikin kwana 14. Dubi abin da ke cikin wannan jimla. An amsa cewa wasu buhunan suna da laima, an kuma sauko da miliyan ɗaya da rabi. Da a buɗaɗɗiyar wasiƙa aka rubuta haka, lauyan kamfanin ya sami makami. Amma da yake tayin sulhu ne, idan kamfanin ya ƙi, ɗan kasuwar zai shiga kotu yana neman miliyan 10 ɗinsa, alƙali kuma ba zai ga wasiƙar ba, ballantana ya ji zancen laima daga cikinta.

Raba wasiƙun nan gida biyu ba ƙaƙale ba ne. Wanda ya cusa gargaɗinsa na ƙarshe ko sanarwar soke kwangila a cikin wasiƙar sulhu ya jawo wa kansa gardamar da ba ta da amfani, domin ranar da yake son nuna wa kotu cewa ya yi gargaɗin, abokin shari'arsa zai miƙe ya ce wannan takarda ba ta shiga shaida. Kariyar ta mutum biyu ce, mai aikawa da mai karɓa. Ɗaya ba ya iya ɗage ta shi kaɗai don yau ta yi masa rana. Sai dukansu sun yarda.

To yaya kamfanin zai amsa? A nan ne aka fi yin kuskure. Idan manajan ya rubuta cewa sun amince da miliyan 8 da rabi cikin kwana 14, magana ta ƙare. An sami sabuwar yarjejeniya da ta maye gurbin tsohuwar rigima. Idan kwana 14 suka wuce bai biya ba, ɗan kasuwar yana da ikon kai waɗannan wasiƙu biyu kotu, da kanunsu da komai, don ya nuna an sasanta kuma ga sharuɗɗan. Haka shi ma ɗan kasuwar ba zai wayi gari ya ce ya fasa, miliyan 10 yake so, wai ai wasiƙarsa ba ta ɗaure shi ba. Ta ɗaure shi tun lokacin da aka ce an karɓa. Wanda yake son kada komai ya ɗaure shi sai an zauna an sa hannu a cikakkiyar takarda, akwai wasu kalmomin dabam da lauyoyi ke ƙarawa, "Subject to Contract", kuma aikinsu dabam ne da na waɗanda muke magana a kai.

Idan kuwa manajan ya ce miliyan 8 da rabi ta yi yawa, za su ba da miliyan 8, ya sani cewa ya kashe tayin farko da hannunsa. Tsohuwar ƙa'ida ce a dokar kwangila, tun shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, inda aka sa wa gona fam 1,000, mai saye ya taya fam 950, aka ƙi, ya dawo ya ce ya yarda da dubun, kotu ta ce babu sauran tayin da zai karɓa. Saboda haka wanda yake son jin ko akwai sauran ragi ba tare da ya rasa abin da ke hannu ba, gara ya yi tambaya kawai, kada ya jefa sabon farashi. Sannan ya sa kanun a kan tasa amsar. Gaskiya ne kotunan Ingila sun ce kariyar tana bin dukan jerin wasiƙun sulhu ko da an manta ba a rubuta kalmomin a kan wata ba. Haka aka yanke a shari'ar Rush da Tompkins da hukumar birnin Landan a 1988. Amma sashe na 196 na dokar Najeriya takardar da aka yi wa kanu ya ambata, kuma ban ga dalilin da mutum zai bar dukiyarsa ta rataya a kan muhawarar lauyoyi saboda ƙyuyar buga kalmomi biyu ba. Haka idan a waya ko a zaune za a tattauna, a faɗa tun farko cewa zaman sulhu ne a kan wannan sharaɗi, a kuma tura gajeren saƙo da ke tabbatar da haka kafin a buɗe baki.

Mai ajiye wasiƙar abokin gaba yana jiran ranar kotu ya kamata ya ji labarin Ofulue. Wannan mutum da matarsa sun mallaki wani gida a gabashin Landan a 1976, suka tafi Najeriya suka bar shi hannun 'yan haya. A 1981 wani mai suna Bossert da 'yarsa suka shiga gidan da izinin wata tsohuwar 'yar haya. Masu gida suka shigar da ƙara a ƙarshen shekarun 1980 suna neman a fitar da su. Ana cikin haka, a watan Janairun 1992, lauyoyin Bossert suka aiko da wasiƙa mai wannan kanu, suna tayin sayen gidan a kan fam 35,000. Aka ƙi. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa har kotu ta kore ta, sai a 2003 masu gida suka shigar da sabuwa.

A lokacin dokar Ingila ta ce wanda ya zauna a fili ko gidan wani shekara 12 ba da izinin mai shi ba, mai shi ya rasa ikon korarsa. 'Yar Bossert, wadda mahaifinta ya riga ya rasu, ta tsaya a kan wannan. Amma dokar tana da wata ƙofa: idan mazaunin ya amsa a rubuce cewa gidan na wane ne, lissafin shekarun yana komawa farko daga ranar. Nan Ofulue da matarsa suka ɗauko wasiƙar 1992. Hujjarsu mai ƙarfi ce a hankalce, domin ba ka tayin sayen abin da yake naka. Daga 1992 zuwa 2003 kuwa shekara 11 ne, ba a cika 12 ba. Da an karɓi wasiƙar, da gidansu ya dawo.

Shari'ar ta kai har gaban alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli ta ƙasar. A 2009 huɗu daga cikin alƙalai biyar suka ce wasiƙar tayin sulhu ce ta gaskiya, an rubuta ta ana tsakiyar shari'a, don haka ba za a buɗe ta a tsinci jimla ɗaya a yi hujja da ita ba. Alƙali ɗaya, Scott, ya saɓa musu. Masu gida suka rasa gidan. Hukuncin yana da ɗaci, kuma duk mai adalci zai ji tausayinsu. Sai dai ina ganin masu rinjayen sun yi daidai, domin da an ba kotu damar yanka wasiƙar sulhu gunduwa-gunduwa, wannan ya shiga wancan bai shiga ba, babu lauyan da zai sake barin wanda yake karewa ya yi tayi a rubuce. Abin da ya cinye gidan Ofulue shi ne shekarun da aka bari suka wuce. Tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adin da doka ta ɗiba na shigar da ƙara, kuma kotunan Najeriya ma sun sha faɗin haka. Ɗan kasuwar masararmu zai iya shekara yana musayar wasiƙu masu daɗin karantawa da kamfanin, alhali kwanakinsa na zuwa kotu suna ƙarewa, kuma babu ko ɗaya daga cikin wasiƙun da zai iya nunawa a ce an amsa bashin.

Wannan bai sa kalmomin sun zama laya ba. Sharaɗin farko shi ne a sami rigima ta gaske da kuma niyyar sasanta ta. Akwai ma'aikatan ofis da ke buga kanun a kan kowace takarda, har da takardar neman biyan kuɗi da ta sallamar ma'aikaci, suna jin sun tsare kansu. Kotu cikin wasiƙa take dubawa. Idan babu tayi, babu sassauci, babu neman daidaitawa, kanun bai hana komai ba. Haka idan babu jayayya tun asali. A shari'ar bankin Bradford da Bingley da wani mai suna Rashid, wadda aka yanke a Ingila a 2006, an rubuta wa bankin wasiƙu a madadin wanda ake bi, ba a musanta bashin ba, ana dai bayyana cewa ba shi da halin biya. Alƙalai suka ce wannan roƙon sauƙi ne a kan bashin da aka amsa, don haka wasiƙun sun shiga shaida, suka kuma sabunta wa'adin bankin na kai ƙara. Wasiƙun nan ba su ɗauke da kanun ba, amma darasin ya shafi kowa: wanda ya rubuta cewa tabbas ana bin sa, a dai yi masa haƙuri zuwa kaka, kada ya dogara da cewa kalmomi biyu za su ɓoye wannan iƙirari.

Na biyu, kariyar ta abin da aka faɗa a zaman sulhu ce, ba ta goge abin da ya faru. Idan direban motar da ta kai masarar ya ga buhunan da laima, kamfanin zai kira shi shaida. Idan akwai hoton da aka ɗauka ranar sauke kaya, zai shiga. Abin da aka hana kawai shi ne a ce wa alƙali ga shi mai kayan ya amsa a wasiƙarsa ta sulhu. Haka nan tsohon rasit ko tsohuwar takarda ba sa samun kariya don kawai an maƙala su a jikin wasiƙar.

Na uku, ba a fakewa da sulhu a yi ɓarna. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta jera wuraren da ake ɗage kariyar a shari'ar kamfanonin Unilever da Procter da Gamble a 1999. Wanda ya rubuta cewa a biya shi ko ya tona wani asiri, ko ya faɗa ƙarara cewa zai yi rantsuwar ƙarya a kotu, wasiƙarsa za ta iya zuwa gaban alƙali. Wanda aka yaudara da ƙarya har ya yarda da sulhu zai iya buɗe wasiƙun don a warware yarjejeniyar. Sai dai kotuna ba sa ɗage kariyar da wasa, sai ɓarnar ta fito fili ba tantama. Zafin ciniki, ko cewa za mu haɗu a kotu, bai kai nan ba. A kuma lura cewa sashe na 196 shari'ar neman haƙƙi ya ambata. Wanda ya ci amanar dukiyar wani ya rubuta yana neman a sasanta, kada ya ɗauka ya rufe ƙofar shari'ar laifi.

Akwai wani ɗan uwan wannan kanu da ya kamata mai karɓar wasiƙa ya buɗe ido a kansa. Idan ka ga an ƙara wasu kalmomi, an rubuta "Without Prejudice Save as to Costs", ma'anar ta sauya. Alƙali ba zai ga wasiƙar ba har ya yanke hukunci, amma idan aka zo maganar wa zai ɗauki nauyin kuɗin da shari'a ta ci, za a buɗe ta. Asalin wannan dabara shari'ar rabuwar aure ce ta Calderbank a Ingila a 1975. Matar ta yi wa mijin tayin gida da ya kai kimanin fam 12,000, ya ƙi, alƙali ya ba shi fam 10,000. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tunda an yi masa tayin da ya fi abin da ya samu, bai kamata matar ta ɗauki nauyin shari'ar da aka ci gaba da yi bayan tayin ba. A misalinmu, idan kamfanin ya yi tayin miliyan 8 da irin wannan kanu, ɗan kasuwar ya ƙi, bayan shekara uku kotu ta ba shi miliyan 7 da rabi, lauyan kamfanin zai ciro wasiƙar ya ce duk wahalar nan taurin kan mai ƙara ne ya jawo ta. A Ingila, inda wanda ya faɗi kan biya kaso mai tsoka na kuɗin lauyan abokin shari'arsa, wannan wasiƙa tana hana mutum barci. A Najeriya kuɗin da kotu kan yanke na ɗawainiyar shari'a bai cika yawa haka ba, kuma yana hannun alƙali, amma duk da haka tayi irin wannan ba a jefar da shi sai an zauna an yi lissafi da lauya.

Saura tambayar wace kotu rigimar za ta je, kuma ga mai karatu a arewa wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Dokar Shaida ta 2011 da kanta ta ce ba ta hawa kan shari'o'in neman haƙƙi a kotunan yanki da kotunan gargajiya da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, sai in an ba su wannan iko a hukumance. Rigingimun bashi da gado da gona da yawa kuwa can suke ƙarewa, inda iƙirarin mutum yake da nasa hukunci da nasa nauyi a fiƙihu. A Nijar da Chadi ma tsarin kotunan gwamnati daga Faransa ya samo asali, ba daga Ingila ba. Don haka ɗan kasuwar da ke Kano yana rigima da abokin cinikinsa na Maraɗi, ko wanda ya san ƙararsa gaban alƙalin kotun Musulunci za ta je, ya fara tambayar lauya ko malamin da ya san wannan kotun yadda take ɗaukar maganar da aka yi a zaman sulhu, kafin ya rubuta ko buhu ɗaya ya jiƙe.